Algus a Man Turare: Gwaji Huɗu da Ɗan Kasuwa Zai Yi Kafin Ya Biya Kuɗin Sandal

GOMBE — Duk wanda ya ratsa layin masu turare a Babbar Kasuwar Gombe, musamman gabanin salla ko lokacin bukukuwan aure, zai tarar da kwalabe jere a kan kanta, manya da ƙanana, da yawansu ɗauke da suna guda: sandal. Wata kwalbar kuɗinta bai wuce na cefanen yini ba, wata kuwa sai mai sayen ya yi shawara da aljihunsa. Suna ɗaya, launi kusan ɗaya, ƙanshi ma ga baƙon hanci kusan ɗaya. Tambayar da ke gaban mai sarin kaya, da mai haɗa humra, da mai yin sabulu ko man shafawa, ita ce ko abin da ke cikin kwalbar ya dace da kuɗin da aka ɗora masa.

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Gombe daga tsohuwar Jihar Bauci a ranar 1 ga Oktoba, 1996, birnin ya ƙara zama mahaɗar fatake, domin hanyoyin Bauci, Yola, Biu da Potiskum duk a nan suke haɗuwa. Man turaren da ake sayarwa a garin kuwa ba a nan ake tatsarsa ba. Yakan ratso hannuwa da yawa, daga ƙasashen Asiya da na Larabawa zuwa Ikko ko Kano, kafin ya iso shagon ɗan kasuwar Gombe, kuma a kowane zango akan juye shi daga babban mazubi zuwa ƙarami. A wajen wannan juye-juye ne algus yake samun ƙofa, har ma wanda ya sayar maka yana iya kasancewa shi ma bai san an cuce shi ba.

Tatacce daban, haɗaɗɗe daban

Kafin a yi maganar jabu, wajibi ne a rarrabe abu biyu da kasuwa ta saba kira da suna ɗaya. Na farko shi ne tataccen mai, wato wanda aka fitar daga itace, ganye, fure ko saiwa ta hanyar tura musu tururin ruwan zafi, a sanyaya tururin, sa'an nan a kwashe man da ya rabu da ruwa. Man sandal, man kanumfari da man na'a-na'a duk haka ake samunsu. Na biyu shi ne haɗaɗɗen man turare, wanda masana'anta ke harhaɗawa daga sinadarai masu ƙanshi, a narkar da su cikin wani ruwa marar wari. Mafi yawan man turaren da ake aunawa a ƙananan kwalabe wannan nau'in ne.

Haɗaɗɗen mai ba haramtaccen kaya ba ne, kuma ba jabu ba ne muddin an sayar da shi da sunansa da farashinsa. Zamba tana farawa ne a lokacin da aka kira shi tsantsa, ko aka ɗauki tataccen mai aka ƙara masa abu mai araha, aka karɓi kuɗin na asali. Saboda haka tambayar farko ga dillali ita ce: wannan tatacce ne ko haɗi? Amsar da ya bayar ita ce za a riƙe shi a kanta.

Dalilin da ya sa aka fi yi wa sandal algus a fili yake. Itacen sandal na Indiya, wanda ake rubuta sunansa na kimiyya Santalum album a jikin kwalba, sai ya shekara goma sha biyar ko fiye kafin zuciyarsa ta tara man kirki, kuma kilo ɗari na wannan zuciya ba ya ba da fiye da 'yan kilo kaɗan na mai. An sare itacen fiye da kima, har a shekarar 1998 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa shi cikin jerin itatuwan da ke fuskantar barazana. Abin da yake da wuyar samu haka ba zai taɓa zuwa da araha ba. Idan aka ga sandal da man lemu da man kanumfari a kanta ɗaya, girman kwalba ɗaya, kuɗi ɗaya, to ba sai an yi wani gwaji ba, haɗi ne.

Abin da ake zubawa

Masu algus sun fi amfani da abubuwa iri uku. Akwai mai mai maiƙo, kamar farin man farafin, man gyaɗa da man zurma. Akwai ruwan sinadari marar wari wanda masu haɗa turare suka sani da DPG, da ɗan'uwansa DEP. Akwai kuma man wani itace mai araha da ke kama da sandal, kamar man amiris da ake tatsa a ƙasar Haiti, ko sinadaran da aka ƙera domin su kwaikwayi ƙanshin sandal. Iri biyu na farko ɗan kasuwa yana iya kama su a shagonsa. Na uku sai ɗakin gwaji.

Abin lura shi ne kowane gwaji yana da abin da yake kamawa da abin da yake kuɓuce masa. Wanda ya dogara da gwaji ɗaya, mai algus ya riga ya san hanyar kauce masa. Amfanin yana cikin haɗa su.

Gwajin takarda

Wannan shi ne wanda aka fi sani. A ɗiga ɗigo ɗaya a kan farar takarda, a rubuta lokaci, a ajiye a inuwa. Tataccen mai marar nauyi, irin na na'a-na'a, yakan tashi cikin 'yan sa'o'i ya bar takarda ba maiƙo. Idan an gauraya shi da man gyaɗa ko farafin, za a ga da'irar maiƙo mai haske idan an ɗaga takardar ga rana, irin wadda ƙosai ke bari a jikin jarida, kuma ba za ta gushe ba ko bayan mako guda.

Amma a nan ne mutane da yawa suke kuskure. Man sandal mai kauri ne, ba ya saurin tashi, saboda haka na asalin ma yana barin tabo na kwanaki. Wanda ya ƙi sayen sandal don ya ga tabo a rana ta farko, yana iya ƙin na gari. Amfanin takarda ga sandal yana wajen hanci. A shinshina ta bayan minti goma, bayan sa'a biyu, sa'an nan washegari. Sandal na asali ba ya dukan hanci da farko; ƙanshinsa mai laushi ne, mai kama da itace da madara, kuma yana nan daram har kwana biyu ko uku ba tare da ya sauya hali ba. Wanda ya fara da ƙarfi da zaƙi, ya wayi gari ya koma warin mai ko ya ɓace, abin zargi ne.

Gwajin nauyi

Wannan gwaji ya fi na takarda faɗin gaskiya, kuma kayan aikinsa ba su wuce ƙaramin sikelin lantarki irin na masu sayar da gwal ba, wanda ke nuna lamba biyu bayan ɗigo, da ƙaramar kwalbar tola guda. Tola ma'aunin nauyi ne na Indiya, giram 11.66, amma a kasuwar turare an saba kiran kwalbar mililita 12 da wannan suna.

A auna busasshiyar kwalbar babu komai. A cika ta da ruwa mai tsabta har baki, a auna, a cire nauyin kwalba. A zubar, a busar da ita sarai, a cika ta da man har daidai inda ruwan ya tsaya, a sake aunawa. Sai a raba nauyin mai da nauyin ruwa. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta man sandal na Indiya, mai lamba ISO 3518, ta sa wannan sakamako tsakanin 0.968 da 0.983 a ma'aunin zafi 20. Farafin yana wajen 0.85, man gyaɗa wajen 0.91, DPG wajen 1.02, DEP kuwa wajen 1.12. Ke nan mai maiƙo yana jawo sakamakon ƙasa, ruwan sinadari yana tura shi sama.

Zafin Gombe yana da tasiri a nan, domin mai yana buɗewa da zafi fiye da ruwa. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da rana ke ƙuna, sakamakon yakan sauka da kimanin 0.005 ko fiye. Ya fi kyau a yi awon da sassafe, a bar ruwan da man su kwana a ɗaki ɗaya, kuma a maimaita sau biyu. Kumfar iska ɗaya a cikin mai mai kauri ta isa ta ɓata lissafi.

Ga man kanumfari kuwa ba a ma bukatar sikeli a matakin farko. Yana cikin tatattun mai ƙalilan da suka fi ruwa nauyi, domin yana wajen 1.04 zuwa 1.06. Idan aka ɗiga shi cikin kofin gilashi mai ruwa, ɗigon zai nutse ƙasa. Idan ya yi iyo a sama, an tsinka shi da mai marar nauyi.

Gwajin ruwa da gwajin itanol

Tataccen mai ba ya narkewa cikin ruwa, amma DPG yana narkewa gaba ɗaya. A zuƙi mililita 5 na mai a sirinjin mililita 10, a ƙara mililita 5 na ruwan da aka jiƙa gishiri a ciki, a toshe baki, a girgiza sosai, a tsayar da shi na sa'a guda. Idan man tsantsa ne, zai dawo ya taru kusan mililita 5 kamar yadda aka zuba shi. Idan ya ragu a fili, abin da ya ɓace ya bi ruwa, wato DPG ne ko itanol.

Gwajin itanol yana kama abin da ruwa ba ya kamawa. Ana bukatar itanol mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari. Masu haɗa turaren feshi suna da mai ƙarfin kashi 96, kuma idan aka auni mililita 73 nasa aka cika da ruwa mai tsabta har mililita 100, an sami abin da ake bukata. A zuba mililita 1 na sandal cikin mililita 5 na wannan itanol, a girgiza. Na asali zai narke ruwan ya zama garau. Farafin, man gyaɗa da man zurma ba sa narkewa a wannan ƙarfi, saboda haka ruwan zai yi gurɓi kamar an ɗiga nono, ko a ga ƙananan ƙwayoyin mai suna rabuwa. Kada a yi gwajin da itanol mai kashi 96 kai tsaye, domin man zurma yana narkewa a cikinsa, ya wuce ba a gan shi ba. A kuma nisanci wuta da garwashin turare, domin itanol yana kamawa nan take.

Misali daga shago

Mu ƙaddara wata mai haɗa humra a unguwar Jekadafari tana son sayen lita guda ta sandal domin kayan amare, an kuma kawo mata samfuri huɗu daga dillalai huɗu, kowanne yana cewa nasa tsantsa ne. Kwalbar awonta tana ɗaukar ruwa giram 12.00 daidai.

Samfuri na farko ya auna giram 10.95. Idan aka raba da 12 an sami 0.913, wato ƙasa da ƙa'ida da nisa. A cikin itanol ya yi gurɓi. Wannan shi ne lissafin da ake samu idan aka haɗa sandal da farafin rabi da rabi. Da ta saya, a kowace Naira ɗari da ta biya, kusan hamsin ta tafi a kan man da ba shi da ƙanshi, kuma maiƙonsa zai ɓata mayafin masu sayen humrarta.

Na biyu ya auna giram 11.98, wato 0.998, sama da ƙa'ida. Ya narke garau cikin itanol, kuma bai bar wani maiƙo na daban a takarda ba, saboda haka da waɗannan gwaje-gwaje biyu kaɗai aka yi, da ya tsira. Amma a sirinjin ruwan gishiri, mililita 5 ya dawo bai kai 3 ba. DPG ne ya cika kusan rabin kwalbar.

Na uku ya auna giram 11.65, wato 0.971, cikin ƙa'ida. A ruwan gishiri bai ragu ba. Sai da aka zuba shi cikin itanol mai kashi 70 ya yi fari-fari. Wannan aikin gwani ne, domin man zurma yana wajen 0.96, kusa da na sandal ƙwarai, har ana iya zuba kashi 30 cikin ɗari nasa sikeli bai nuna komai ba. Shi ya sa tun da daɗewa yake cikin abubuwan da aka fi yi wa sandal algus da su.

Na huɗu ya auna giram 11.70, wato 0.975. Bai ragu a ruwa ba, ya narke garau a itanol, ƙanshinsa kuma yana kan takarda har kwana uku. Shi ne kaɗai ya cancanci a ci gaba da ciniki a kansa. Sai dai cin waɗannan gwaje-gwaje bai tabbatar da cewa tsantsar sandal na Indiya ne ba. Abin da ya nuna shi ne babu algus irin na gama-gari a ciki.

Inda gwajin shago ya tsaya

Man amiris, da man sandal na Ostareliya mai suna Santalum spicatum, da sinadaran da aka ƙera, duk suna iya shiga cikin kwalba a gwargwadon da sikeli da itanol ba za su tona ba. Abin da ke rarrabe su shi ne na'urar GC-MS, wadda ke warware mai zuwa sinadaran da suka haɗu suka yi shi, ta nuna yawan kowanne. Ga sandal na Indiya, ƙa'idar ISO 3518 ta bukaci sinadarin alfa-santalol ya kasance kashi 41 zuwa 55 cikin ɗari, beta-santalol kuma kashi 16 zuwa 24. Na Ostareliya sandal ne na gaskiya, amma santalol ɗinsa bai kai haka ba, farashinsa ma bai kai ba, saboda haka sayar da shi da sunan na Indiya shi ma ha'inci ne.

Mai sayen tola ɗaya ba zai biya kuɗin wannan gwaji ba, amma mai sayen kilo da yawa ya kamata ya sa shi cikin lissafin jari. Ana iya tuntuɓar sashen kimiyyar sinadarai na Jami'ar Jihar Gombe ko na Jami'ar Tarayya ta Kashere domin neman shawarar inda za a kai samfuri. 'Yan kasuwa uku ko huɗu da ke saro kaya daga hannu ɗaya suna iya haɗa kuɗi su gwada ganga guda. Idan dillali ya kawo takardar gwaji daga kamfani, a duba ko lambar rukunin kaya da ke kan takardar ita ce a jikin mazubin. Takardar da ba ta da wannan lamba, ko wadda ake nunawa a kan kowace ganga shekara da shekaru, ba hujja ba ce.

Ka'idojin ciniki

Yawancin asara ba daga rashin gwaji take zuwa ba, daga gwada abin da ba shi aka saya ba ne. Dabarar da aka sani ita ce a nuna samfuri mai kyau daga aljihu, a auno kaya daga wata jarka. Mai saye ya ɗebi samfurin da hannunsa daga mazubin da za a auna masa, bayan an girgiza shi. Ya raba shi biyu, ya gwada ɗaya, ɗayan kuma a rufe shi a manna takarda, shi da dillali su sa hannu da kwanan wata. Idan gardama ta taso, wannan kwalba ita ce shaida a gaban shugabannin kasuwa ko hukuma.

Haka kuma a sa dillali ya rubuta a rasit ainihin abin da ya sayar: sunan itacen, ƙasar da man ya fito, da kalmar tsantsa ko haɗi. Wanda ya rantse da baki amma ya ƙi rubutawa, ya riga ya ba da amsa. Kayan da aka ƙunsa domin sayarwa a matsayin turare ko man shafawa suna ƙarƙashin kulawar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, kuma ana iya kai mata ƙorafin jabu. Sai dai lambar rajista a jikin kwalba tana nuna an yi wa kayan rajista ne, ba ta nuna cewa abin da aka juye daga babbar jarka a kasuwa shi ne wanda aka yi wa rajistar ba.

A ƙarshe, mai na gari ma yana lalacewa a hannun mai shi. Tataccen mai yana son kwalbar gilashi mai duhu ko gwangwanin alminiyam, a rufe gam, nesa da rana. Robar da ba ta dace ba yana cinta, ya ɗauki warinta. Man ɓawon lemu da aka bari a kanta cikin zafin bazara yakan sauya wari cikin 'yan watanni, alhali sandal yana jure shekaru idan an adana shi da kyau. Ɗan kasuwar da ya ajiye kwalba ɗaya ta sandal da aka tabbatar da ingancinsa, ya riƙa gwada kowane sabon kaya kusa da ita a kan sikeli ɗaya da takarda ɗaya, ya mallaki ma'aunin da babu dillalin da zai yi masa musu a kai.